Ɗauko Fayiloli Daga Foldar SFTP Ba Tare da Kwaso Rabin Fayil Ba

A tsarin SFTP, sunan fayil yakan bayyana a folda tun daga lokacin da mai aikawa ya fara ɗora shi, kuma babu wata alama da ke nuna ko ya kammala. Wannan ne tushen matsalar da ke samun duk cibiyar nazarin da ke karɓar sautukan hira daga abokan hulɗarta ta hanyar manhajar da aka sanya wa lokaci.

A ɗauki misalin fayil ɗin hira mai nauyin megabayit 600, wanda ake ɗorawa a gudun megabit 2 a daƙiƙa. Ɗora shi zai ci daƙiƙa 2,400, wato minti 40. Idan an fara da ƙarfe 9:10, ita kuma manhajar cibiya tana leƙa foldar duk bayan minti 15, to da ƙarfe 9:15 za ta tarar da megabayit 75 kacal. Za ta kwaso su, ta rubuta cewa ta karɓa, ba za ta sake waiwayarsa ba. Abin takaicin shi ne irin wannan guntun sauti yakan buɗe lafiya lau. Sai mai rubuta hirar ya zo ya ji magana ta yanke a tsakiya.

Magani mafi inganci yana hannun mai aikawa, domin shi kaɗai ya san ya gama. Sai ya ɗora fayil ɗin da sunan wucin gadi, bayan an kammala ya sauya masa suna:

```
put hira012.wav hira012.wav.part
rename hira012.wav.part hira012.wav
```

Mai karɓa kuwa ya taƙaita ɗauka ga sunayen da suka ƙare da `.wav`. Sauya suna ba ya kwafar komai, ana yin sa ne nan take, saboda haka cikakken sunan ba ya bayyana sai fayil ya cika. Sharaɗin shi ne sunayen biyu su kasance a kan faifan ajiya ɗaya. Manhajar WinSCP ma tana yin haka da kanta ga manyan fayiloli, da ƙarin `.filepart`.

Idan abokin hulɗa ba zai canja tsarinsa ba, sai mai karɓa ya auna girman fayil sau biyu, da tazarar mintuna kaɗan, ya ɗauka in girman bai motsa ba. Wannan dabara ce ta dole, kuma tana da rauni: fayil ɗin da layi ya katse masa a megabayit 300 shi ma girmansa zai tsaya cak, kamar wanda ya kammala. Abin da ke bambance su shi ne mai aikawa ya biyo da ƙaramin fayil mai ɗauke da lambar tantancewa ta SHA-256, mai karɓa ya gwada da `sha256sum -c`. In lambar ba ta dace ba, a bar fayil ɗin a foldar har zagaye na gaba.