Filin Shawara: Masu sayen kayanki ba buƙatarsu ɗaya ba

Ina sayar da atamfa da leshi a gida, a Kano. A Kantin Kwari nake saro kaya, jarina kuma ya kai naira 600,000. Matsalata ita ce, in na kawo mai tsada sai a ce na cika tsada, in na kawo mai araha sai a ce ba ta da kyau. Kullum ina ɗora hotuna a WhatsApp, amma kaya na zaune, rabin kuɗina kuma yana hannun masu bashi. Har na fara zargin ko wani ne ya sa mini hannu. Don Allah ki ba ni shawara.
Maman Hanifa, Kano

Maman Hanifa, ki kwantar da hankalinki, ki ajiye zargin nan. Wadda ta ce kin cika tsada da wadda ta ce kayanki ba kyau, duk gaskiya suka faɗa, domin ba abu ɗaya suka zo nema ba. Ke kuma kin shimfiɗa musu kaya iri ɗaya da magana iri ɗaya. Masana kasuwanci sun daɗe da lura da haka. Tun a 1956 wani Ba'amurke mai suna Wendell Smith ya yi rubutu a kan rarraba masu saye rukuni-rukuni bisa buƙatunsu, don mai sayarwa ya san wa zai fuskanta da kuma yadda zai gamsar da shi.

Ki ɗauko littafin cinikinki na wata 3 da suka wuce. A gaban sunan kowace mai saye ki rubuta dalilin da ya sa ta saya, turmi nawa ta ɗauka, da yadda ta biya. Kada ki raba su bisa shekaru ko unguwa, domin budurwa da dattijuwa za su iya zuwa da buƙata ɗaya. Dalilin sayen shi ne abin dubawa. Ina kyautata zaton za ki ga masu fitar da anko, da ma'aikata masu jiran albashi, da masu haɗa lefe, sai kuma masu ɗinkin Sallah da ba ki ganinsu sai azumi ya kama.

Mu fara da mai anko. Ita ba ta neman atamfar da za ta shekara goma. Damuwarta a samu zane iri ɗaya, launi ɗaya, mai yawa, a farashin da ƙawaye za su iya biya, kuma ya iso da wuri yadda tela zai gama kafin ranar kamu. A ce ta nemi turmi 40, kina cin ribar naira 1,000 a kowanne. Kin tashi da 40,000 ke nan cikin mako biyu ko uku. Kuma da yake bisa al'ada ƙawaye kan tura kuɗinsu kafin a sayo, kusan ba ki taɓa jarinki ba. Haɗarin da ke nan shi ne zanen ya ƙare a Kwari bayan kin raba 25, ragowar 15 su rasa. Don haka kafin ki nuna wa amarya samfuri, ki tabbatar dilan yana da adadin, ki ba shi kafin alƙalami ya ajiye miki.

Ma'aikaciya kuwa lissafinta daban ne. Tana son abu mai kyau da ba kowa ke da shi a ofis ba, kuma ba ta cika ja-in-ja a kan farashi ba muddin za ta biya kaɗan-kaɗan. A ce kin saro turmi a 15,000 kin ba ta a 18,000, biya uku. Ribar 3,000 ta ninka ta anko sau uku, shi ya sa take ruɗin mutane. Amma duba: turmi 20 sun cinye 300,000, rabin jarinki, don su kawo 60,000 a wata 3. Idan mutum biyu kacal suka ƙi biya, abin da zai dawo hannunki 324,000 ne, ribar ta koma 24,000. Ina zaton a nan kuɗinki ya maƙale. Ba na cewa ki kore su, domin su ne masu dawowa duk wata. Ki ƙayyade musu kason jari, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ki karɓi rabin kuɗi a hannu, ki yanke farashi da ranar biya tun farko, ki riƙa kawo sabon kayansu a makon da albashi ke shiga.

Masu lefe amana suke saye. Suna tsoron a sa musu jabu a akwati a ji kunya a gidan surukai. Sai dai Super da shadda da manyan lesuna sun fi ƙarfin jarinki a yanzu, in kin jibge su za su zauna. Ki raka su Kwari wurin dilan da kika yarda da shi, ki karɓi la'adarki a fili.

Shawarata ki riƙe anko a matsayin ginshiƙi, ma'aikata su biyo baya. Ki ware jerin lambobinsu daban, kowane rukuni ki tura masa abin da ya shafe shi. Amma ina jan kunnenki da abu ɗaya: kada ki sayar da zane ɗaya da sharaɗi ɗaya a farashi biyu don kin ga wannan ta zo da mota. Mata suna haɗuwa a biki, za su tambayi juna, kuma ranar da suka gane kin rasa su duka. Bambancin farashi ya fito daga yawan da aka ɗauka, ko ingancin kaya, ko lokacin biya, abin da za ki iya faɗa a gaban kowa.

Bayan wata 2 ki sake buɗe littafin. Idan rukuni biyu suna sayen abu ɗaya a lokaci ɗaya da sharaɗi ɗaya, to dama rukuni ɗaya ne, ki haɗe su. Idan kuma wani rukunin bai wuce mutum uku ba, bai isa ki saro kaya dominsa ba.

*

Anti, ina da shagon kayan masarufi a Samaru, Zariya. Ɗalibai suna damuna da sayen abu ƙanana-ƙanana, ni kuwa na fi son masu ɗaukar buhu da katan. In daina kula su?
Ɗan'uwanki, Abban Sadiq

Malam, kada ka daina. Ɗalibin nan ba shi da wurin ajiya, kuma kuɗinsa kaɗan-kaɗan suke zuwa, shi ya sa yake sayen na yau kawai. Irin wannan mai sayen ne madarar Cowbell ta nufa da ta shigo Najeriya a 1993 cikin ƙananan ledoji, lokacin da gwangwani ya fi ƙarfin masu ƙaramin ƙarfi, kuma ka ga yadda sauran kamfanoni suka bi sahu. Ka auna da kanka: buhun shinkafa ɗaya, nawa yake bari in ka sayar da shi dunƙule, nawa kuma in ka sayar a mudu da gwangwani bayan ka cire kuɗin leda da abin da ya zube? Yawanci na biyun ya fi, wahalar awo ce ta fi yawa. Ka ƙulla su tun da safe, ka jera a gaban shago, ka sa yaro a kansu da yamma lokacin da ake tashi daga lacca. Magidanta kuma ka karɓi odarsu ta waya a ƙarshen wata ka kai musu gida. Ka riƙa bin kalandar jami'a, ka rage sarin kayan ɗalibai mako 2 kafin a tafi hutu, ka juya kuɗin zuwa buhunan magidanta har a dawo.