DARASIN LISSAFI: KWASHE JADAWALI DAGA HOTO

Sau da yawa ɗalibi ya kan ga jadawalin sakamako cikin wata takardar bincike, ba shi da halin samun takardar duka, sai ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya ajiye. Ran da ya zo yin lissafi sai ya tarar hoto ba ya taruwa, ba ya rabuwa, tilas sai an kwashe alƙaluman ɗaya ɗaya an zuba su wani wuri. To, a nan wajen kwashewa ne ɓarna ta kan shiga. Abin da mu ke so mu nuna cikin wannan darasi shi ne, kada ka yarda da alƙaluman da ka kwashe sai jadawalin da kansa ya shaide su, kada kuma ka faɗi kashi kaza cikin ɗari sai ka faɗi ko na mene ne.

Bari mu ɗauki wani sanannen jadawali mu yi aiki da shi. A cikin 1905 waɗansu masana biyu, Cushny da Peebles, suka buga labarin gwajin magungunan barci da aka yi wa majinyata a wani asibiti a Kalamazoo, cikin jihar Michigan ta Amirka. A cikin 1908 William Gosset, wanda ke aiki a kamfanin Guinness a Dublin, ya ɗauko alƙaluman mutum goma daga ciki ya sa a takardarsa a mujallar Biometrika. Bai sa sunansa ba, sai ya kira kansa Student, watau Ɗalibi. Kowane alƙalami yana nuna yawan sa'o'in barci da majinyaci ya ƙara in ya sha magani, bisa ga yadda ya ke yi in bai sha ba. Inda aka sa alamar ɗebewa, barcinsa raguwa ya yi. Ga jadawalin:

| Majinyaci | Magani na 1 | Magani na 2 | Bambanci |
|---|---|---|---|
| 1 | +0.7 | +1.9 | +1.2 |
| 2 | -1.6 | +0.8 | +2.4 |
| 3 | -0.2 | +1.1 | +1.3 |
| 4 | -1.2 | +0.1 | +1.3 |
| 5 | -0.1 | -0.1 | 0.0 |
| 6 | +3.4 | +4.4 | +1.0 |
| 7 | +3.7 | +5.5 | +1.8 |
| 8 | +0.8 | +1.6 | +0.8 |
| 9 | 0.0 | +4.6 | +4.6 |
| 10 | +2.0 | +3.4 | +1.4 |
| Matsakaici | +0.75 | +2.33 | +1.58 |

Da fari, hoton kansa

Kafin ka rubuta kome, dubi hoton ka tabbata ya ɗauki abu uku: bayanin da ke bisa jadawali, da sunayen da ke kan kowane layin tsaye, da ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasa. In ɗaya ya yanke, koma ka sake ɗauka. Wanda ya yanke bayanin wannan jadawali zai zaci majinyaci na 1 barcin 0.7 na sa'a kaɗai ya yi duk dare, alhali kuwa ƙari ne a kan barcinsa. Kuma ka faɗaɗa shafin tun kafin ka ɗauki hoto, gama faɗaɗa hoton da aka riga aka ɗauka ba ya ƙara masa kome sai dishi-dishi.

Kada ka raina sunayen nan na sama. Gosset da kansa, duk da gwanintarsa, ya yi kuskure wajen sunayen magungunan da ya sa a kan layukan, kuskuren kuwa ya bi littattafai shekara da shekaru kafin a koma ga takardar asali a gane. In haka ta sami babban masani, ina ga ni da kai?

Na biyu, kwashewa

Ka iya kwashewa da hannu, ko kuwa ka ba manhajar da ke karanta rubutu daga hoto. Ko wacce ka bi, abin da ya fi ɓacewa su ne ƙananan alamu biyu, ɗigo da alamar ɗebewa, domin a hoto kamar ƙura su ke. Tsofaffin takardu kuwa su kan bar sifirin gaba, su rubuta .7 maimakon 0.7. Ɗigon nan in ya ɓace, minti 42 ya zama sa'a 7 ke nan. Manhaja kuma ta kan ɗauki sifiri ta mai da shi harafin O, ko 1 ta mai da shi harafin l.

Saboda haka in ka gama, ƙidaya tukuna. Layin kwance goma ne, kowane da alƙalami uku. Sa'an nan ka sa wani ya riƙe hoton yana karantawa da ƙarfi, kai kana bin abin da ka rubuta da yatsa, yana faɗin alama da ɗigo duka.

Na uku, jadawali ya shaidi kansa

Wannan jadawali yana da shaidu biyu a jikinsa. Na farko layin bambanci. A kowane layin kwance, in ka ɗebe na 1 daga na 2, lalle ka sami abin da ke cikin bambanci. Dubi majinyaci na 2: daga -1.6 zuwa +0.8 tafiyar 2.4 ce, daidai da abin da aka buga. Da alamar ɗebewa ta ɓace maka, da sai ka sami -0.8, nan take ka san inda ɓarna ta ke.

Shaida ta biyu matsakaicin da mai takarda ya buga a ƙasa. Matsakaici shi ne ka tara duka ka raba da yawansu. A magani na 1, masu alamar tarawa sun tashi 10.6, masu alamar ɗebewa sun tashi 3.1. Ɗebe 3.1 daga 10.6, saura 7.5. Raba gida goma, ka sami 0.75, watau minti 45. A magani na 2 jimla 23.3 ce, matsakaici 2.33, wajen sa'a 2 da minti 20. Bambanci ya tashi 15.8, matsakaicinsa 1.58. In ka ɗebe 0.75 daga 2.33 kuma 1.58 ɗin za ka samu. Hanya biyu sun kai ka gida ɗaya, hankalinka ya kwanta.

In naka bai zo daidai da nasa ba, girman saɓanin zai nuna maka ɓarawon. A ce ka sami 1.07 maimakon 0.75. Saɓani 0.32 ke nan. Riɓa shi da goma, ya zama 3.2 cikin jimla. Alamar ɗebewa in ta ɓace, jimla ta kan ƙaru da ninki biyu na alƙalamin. Rabin 3.2 kuwa 1.6 ne, sai ka tafi kai tsaye wajen majinyaci na 2. In kuwa 1.38 ka samu, jimla ta ƙaru da 6.3, wanda ya ke tara sau 0.7. Wannan alamar ɗigo ne ya ɓace, 0.7 ya zama 7.

Mai aiki da Excel ko irinta, in sunaye na layi na 1, majinyata na layi na 2 zuwa na 11, sai ya rubuta na farko a B12, na biyu a B13:

```
=AVERAGE(B2:B11)
=COUNT(B2:B11)
```

Kada a bar na biyun. Sau da yawa alamar ɗebewa da aka kwaso daga hoto doguwar karan ɗori ce, ba wadda na'ura ta sani ba, sai ta ɗauki alƙalamin a kan rubutu ne, ta tsallake shi ba ta ce kome ba. In ta tsallake huɗun nan, sai ta raba 10.6 gida shida ta ba ka 1.77. Amma ƙidayar za ta nuna 6 maimakon 10, asiri ya tonu. Maganinsa ka share alamar ka sake bugawa da hannunka.

Na huɗu, kashi nawa cikin ɗari?

Ƙa'idar ita ce ka ɗauki bambanci, ka raba da abin da ka ke gwadawa da shi, ka riɓa da ɗari. Abin da a ke gwadawa da shi mu kira shi tushe. In magani na 1 ne tushe, 1.58 a raba da 0.75 ya ba da 2.107, watau ƙarin barcin na 2 ya ɗara na 1 da wajen kashi 211 cikin ɗari. A na'ura, in matsakaicin na 2 yana C12:

```
=(C12-B12)/B12*100
```

In kuwa na 2 ne tushe, 1.58 a raba da 2.33 ya ba da 0.678, watau na 1 ya gaza na 2 da wajen kashi 68 cikin ɗari. Duka biyu gaskiya ne, jadawali ɗaya, bambanci ɗaya. Don haka wanda ya rubuta "bambancinsu kashi 211" kurum bai gama magana ba, sai ya ce wanne ya ɗara wanne.

Kada ka yi gaggawar datse alƙaluma. Wanda ya mai da 0.75 ya zama 0.8, ya mai da 2.33 ya zama 2.3 kafin ya raba, zai sami 187.5 maimakon 211. Tushe in ƙarami ne, ɗan taɓi kaɗan ya kan kaɗa amsa nesa. Datsewa sai a ƙarshe, sau ɗaya.

Akwai kuma inda lissafin ba ya yiwuwa sam. Majinyaci na 9 tushensa sifiri ne, ba a kuwa raba abu da sifiri. Majinyaci na 2 tushensa -1.6 ne, in ka raba sai ka sami -150, kamar barcinsa ya ragu, alhali ƙaruwa ya yi. A irin wannan wuri sai a faɗi bambanci da sa'o'i, a bar zancen ɗari.

Saura abu guda, shi ne mafi girma. Kashi 211 ɗin nan na ƙarin barci ne, ba na barcin duka ba. A ƙaddara, don misali kawai, mutum ya kan yi sa'a 4 ba magani. Da na 1 zai yi 4.75, da na 2 zai yi 6.33. Bambanci na nan 1.58, amma yanzu tushe 4.75 ne, amsa kuwa wajen kashi 33 cikin ɗari. Malamin da ya gaya wa yara wai magani na 2 ya riɓa barci sau uku ya koya musu ƙarya, ko da ya ke bai yi kuskuren tarawa ko ɗaya ba. Abin da ya fi aminci a rubuta shi ne, na 2 ya fi na 1 da wajen sa'a 1 da minti 35 ga majinyatan nan goma.

Aikin gwaji

1. Nemo matsakaicin kowane magani ga majinyata na 6 zuwa na 10 kaɗai, sa'an nan ka faɗi da kashi nawa cikin ɗari na 2 ya ɗara na 1. In ba ka sami 1.98 da 3.9 da wajen kashi 97 ba, sake dubawa.
2. Yi haka ga na 1 zuwa na 5, ka bayyana abin da ya sa zancen kashi cikin ɗari bai dace a nan ba.
3. Wani ɗalibi ya sami 2.35 a magani na 2 maimakon 2.33. Wane majinyaci ya kamata ya fara dubawa, don me?