Kusancinmu da Ikwaita Ba Ya Gyara Awon Fili

A aikin safiyo da taswira akwai wata magana da nake yawan ji daga matasan da suka fara koyon QGIS, wai ai ƙasarmu tana kusa da layin Ikwaita, saboda haka duk tsarin da ka ɗora taswira a kansa awo zai fito daidai. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take cutarwa. Na ga takardun diyya da na hayar gona da aka cika bisa ita, kuma kadada ta ƙaru a takarda ba tare da ƙasa ta ƙaru ko taki ɗaya ba.

Duniya a dunƙule take, taswira kuma a shimfiɗe. In ka kifa ƙwarya ka ce sai ta kwanta sumul a kan tabarma, dole wani gefe ya tsage ko ya miƙe. Kowane tsarin shimfiɗa yana zaɓar abin da zai kiyaye, ko siffa, ko kwana, ko girman fili, ya sadaukar da sauran. Mai awo dole ya san abin da tsarin da ke hannunsa ya sadaukar.

Wanda ya fi yi mana ɓarna shi ne Web Mercator, mai lamba EPSG:3857. A kansa ake kawo hotunan tauraron ɗan'adam da muke ɗorawa a ƙarƙashin aikinmu, don haka mutum zai zana iyakar gona a kan hoton, ya tambayi girma, kwamfuta ta ba shi lamba a mita, ya karɓa hannu bibbiyu. Wannan tsari yana miƙa komai gabas da yamma, kudu da arewa, kuma miƙawar tana ƙaruwa yayin da kake nisa da Ikwaita. Tunda fili tsawo ne sau faɗi, kuskuren yana ninkuwa. Ko a kan layin Ikwaita kansa bai cika daidai ba, yana ƙara kusan kashi 0.7 cikin ɗari, domin lissafinsa na ƙwallo ne sak alhali duniya a ɗan dannane take ta sama da ƙasa. A Fatakwal ƙarin ya kusan kashi ɗaya da rabi. A Kano, digiri 12 arewa da Ikwaita, ya wuce kashi 5. A Sakkwato ya kai kusan 6. Najeriya ta miƙe daga kusan digiri 4 zuwa kusan 14, to kusancin da ake kafa hujja da shi bai kai mu nan Arewa ba.

Bari mu ɗauki gona mai hekta 40 cif a wajen Kano. A Web Mercator za ta fito hekta 42 da ɗoriya. Hekta biyu ke nan da babu su, amma za a lissafa musu iri da taki da kuɗin haya, kuma ran girbi a ce manomi bai kai abin da aka zata ba. Wannan gona ɗin dai, in aka mayar da ita UTM yanki na 32, wato EPSG:32632, za ta fito kusan hekta 39.97.

Me ya sa ta ɗan ragu? UTM ta yanka duniya zuwa yankuna masu faɗin digiri 6, kowane da layinsa na tsakiya. A kan layin nan an rage ma'auni da gangan zuwa 0.9996, don kada gefen yankin ya kumbura da yawa. Layin tsakiyar yanki na 32 yana kan digiri 9 gabas, Kano kuma tana wajen 8 da rabi, kusa da shi ƙwarai, saboda haka fili yana raguwa da kusan kashi 0.07 cikin ɗari. Ga hayar gona wannan ba abin tada jijiyar wuya ba ne. Ga takardar mallaka kuwa, mai safiyo yana raba girman da ma'aunin wurin sau biyu ya dawo da shi na ƙasa, ya kuma gyara don tudun wuri, wanda a Jos ya fi a Kano tasiri.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa masu koyo ba. Kusa da Ikwaita ne yankin UTM ya fi faɗi a ƙasa, kusan kilomita 330 daga tsakiya zuwa baki, saboda haka a nan ne kumburin baki ya fi girma, ya kai kusan kashi 0.2 cikin ɗari na fili. Najeriya kuma yankuna uku ta ratsa: na 31 daga iyakar yamma zuwa digiri 6, na 32 daga 6 zuwa 12, na 33 daga 12 zuwa gabas. Legas da Sakkwato suna 31, Abuja da Kano suna 32, Maiduguri tana 33. Wanda ya saba da 32 ya tafi Maiduguri bai canza ba, filinsa zai ƙaru da kusan kashi 0.4. Bai kai ɓarnar Web Mercator ba, amma a fili mai hekta 1,000 hekta 4 ne.

Idan aikin ya shafi jiha da ta ratsa yankuna biyu, ko ƙasa baki ɗaya, kamar lissafin daji ko filin noma, a ajiye UTM a ɗauki tsarin da aka gina don kiyaye girman fili. Ni nakan kafa na Lambert a tsakiyar ƙasa:

```
+proj=laea +lat_0=9 +lon_0=8 +datum=WGS84 +units=m
```

Siffa za ta ɗan karkace a can gefe, kuma ba a auna kwana ko kafa dutsen iyaka da shi. Amma hekta a Badagry daidai take da hekta a Baga, kuma abin da ake nema ke nan.

Tsoffin takardun filaye suna da nasu tarkon. Da yawansu a kan ma'aunin Minna aka yi su, wasu a UTM, wasu a yankuna uku na ƙasa, West Belt da Mid Belt da East Belt, masu ma'aunin tsakiya 0.99975. Na'urar GPS kuwa WGS 84 take bayarwa. Bambancin Minna da WGS 84 ba ya canza girman fili sosai, amma yana matsar da shi gaba ɗaya da mita gommai, har ka ga iyakar mutum ta hau gidan maƙwabci. Alamarsa ita ce duk kusurwoyi sun goce gefe ɗaya da tazara ɗaya. In ka ga haka, duba ma'aunin kafin ka zargi wanda ya yi awon farko. Kuma a kula, `Assign projection` suna kawai take liƙa wa fayil, ba ta taɓa lambobin. `Reproject layer` ce ke sake lissafa su.

Kafin in sa hannu a kowane awo, ina buɗe `Field Calculator` in kwatanta waɗannan biyu:

```
$area
area($geometry)
```

Na farko yana auna fili a kan jikin duniya, muddin an saita `Ellipsoid` a `Project Properties`. Na biyu yana auna shi a shimfiɗe, bisa tsarin fayil ɗin. In tsarin UTM ne na yankin da ya dace, tazararsu ba ta wuce kusan kashi 0.2 cikin ɗari. In ta kai kashi 5 a nan Arewa, Web Mercator ne. In na biyun ya fito da sifili-sifili masu yawa bayan ɗigo, fayil ɗin yana EPSG:4326, kuma abin da ka auna digiri ne, ba mita ba. Lambar EPSG da aka yi awon da ita kuma a rubuta ta a jikin takarda, kusa da girman filin, don wanda zai duba aikin bayanka ya iya maimaita lissafin.