Darasin gyaɗa 27: masu sayar da "sakamakon wasa" ta waya

Ni ce mai riƙe littafin ƙungiyarmu ta adashi a Fakku. Bara bayan girbi wata 'yar ƙungiya ta nemi rancen naira 40,000, ta ce za ta sari gyaɗa ta yi ƙuli da mai. Zubinta ya kai 15,000, dokarmu kuma ta yarda mace ta ranci har ninki uku na zubinta, don haka muka buɗe akwati muka ba ta. Wata guda ya cika ba ta kawo komai ba. Da na bi ta gida sai ta ce mini: "Malama, kuɗɗin sun tahi. Ɗana na ba, ya ce kwana biyu za su dawo dubu ɗari uku."

Ga yadda abin ya faru. Yaron yana aikin ɗinki a Tambuwal. Wani da bai taɓa gani ba ya sa shi cikin wani zaure na WhatsApp, inda ake ta rubuta `fixed match` da `100% sure`, wato wasan ƙwallon da wai an riga an saye 'yan wasa, an san yadda zai ƙare. Mutumin ya ba shi sakamakon wasa ɗaya kyauta, ya sa naira 500 a caca, ya ci. Na biyu ma haka, na uku ma haka. A na huɗu sai aka ce wannan babba ne, ninki 12, sai ya biya 15,000 kafin a gaya masa. Ya biya, ya zuba sauran 25,000 a kan cewa za a tashi 2 da 1. Aka tashi babu ci.

Malamanmu sun daɗe suna faɗin hukuncin caca, ba sai na maimaita ba. Abin da ya hana uwar barci daban ne. Ta ce: "To in maƙaryaci ne, ƙaƙa yas san ukun farko?" Tambayar tana da nauyi, kuma ita ce darasinmu na yau.

Ku kawo gyaɗa 27 a faifai. Kowace ƙwaya mutum ɗaya ce mai waya. Wasan ƙwallo hanya uku kawai yake ƙarewa: masu gida su ci, baƙi su ci, ko a yi kunnen doki. Ku kasa gyaɗar kashi uku, tara-tara. Kashi na farko a ce musu masu gida za su ci, na biyu a ce baƙi, na uku a ce kunnen doki. Duk yadda wasan ya ƙare, dole kashi ɗaya ya ga an gaya masa daidai. Ku kwashe 18 ɗin da aka yi wa kuskure ku ajiye gefe, mai damfara ba ya sake kula su. Taran da suka rage ku sake kasa su uku-uku, a yi wasa na biyu, uku za su rage. A wasa na uku, ɗaya za ta rage. Ku ɗaga wannan ƙwayar kowa ta gani. Ita ce ɗan 'yar'uwarmu. Sau uku an gaya masa gaskiya, alhali mai gaya masa bai san komai ba, ko kallon wasan ba sai ya yi ba.

Shi kuwa ba da mutum 27 yake farawa ba. A ce ya tara lambobi 2,700. Bayan wasa na farko saura 900, bayan na biyu 300, bayan na uku 100. Mutum ɗarin nan kowannensu ya rantse ya gamu da mai sirri. Ko rabinsu kaɗai suka biya 15,000, ya tashi da naira 750,000, bai kashe komai ba sai kuɗin data. Su 2,600 da aka zubar a hanya ba su san juna ba, ba wanda zai ji labarinsu. Hotunan tikitin cin miliyoyi da yake turowa kuwa, gyara lamba a hoto aikin minti kaɗan ne, kuma masu yi masa godiya a zauren sau da yawa shi ne da wasu layukansa.

Wata dattijuwa a cikinmu ta tsayar da ni a nan. Ta ce ai ta ji a rediyo ana sayar da wasa. Gaskiya ne, ana yi. A 2013 a ƙasar nan an yi wasan da Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, a rana guda kuma Police Machine ta ci nata wasan 67 da nema, don neman hawa rukuni na gaba. Hukumar ƙwallon Najeriya ta haramta wa 'yan wasan buga ƙwallo har abada. A 2019 hukumar FIFA ta dakatar da tsohon kocin Najeriya Samson Siasia har abada kan zargin yarda da karɓar cin hanci don murɗe wasa, daga baya kotun wasanni ta mayar da hukuncin shekara biyar. Kun ga ke nan laifi ne mai kashe sana'ar mutum. Wanda ya aikata shi ɓoyewa yake yi, ba zai shelanta wa baƙon da ke Tambuwal don dubu goma sha biyar ba.

Sannan ku yi wannan lissafin. In da gaske ya san wasa mai ninki 12, ya sa nasa 15,000 mana, su zama 180,000. Ya sake juya su sau ɗaya, sun haura miliyan biyu. Me zai yi da kuɗin ƙulinmu? Sayar da sirrin ma ɓata masa ciniki zai yi, domin kamfanonin caca suna lura da inda kuɗi ke kwarara. In suka ga jama'a sun taru kan sakamako ɗaya a wani ƙaramin wasa, sai su rage ninkin ko su rufe caca a kan wasan gaba ɗaya. Inda ba a murɗe ba kuwa, ba mai iya ba da tabbaci. A gasar duniya ta 2022 Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1, Ajantinar da ta zo ta ɗauki kofin.

Abin bai tsaya a wasa na huɗu ba. Da yaron ya yi ƙorafi, aka ce masa alƙalin wasa ne ya ci amana, ya turo 10,000 a ba shi na ramuwa. Wani kuma cewa ake kuɗinsa na nan, sai ya biya kuɗin cirewa. Duk wanda aka kai nan, kada ya ƙara ko kwabo. Ya adana rasit ɗin mai cire kuɗi da lambar asusun da aka tura wa, kada ya goge saƙonnin, ya kai ƙara bankinsa da wuri, ya kuma sanar da 'yan sanda ko ofishin EFCC na Sakkwato. Ba zan ɓoye muku ba, da wuya kuɗin su dawo. Yaron nan da ya ƙi turawa, a daren aka toshe lambarsa.

Mun zauna kan bashin. Ba mu yafe ba, don kuɗin na mata 25 ne, amma mun raba mata shi 5,000 duk wata har wata takwas, ɗan kuma ya ɗauki rabi daga ɗinkinsa. Mun ƙara layi ɗaya a dokarmu: mai neman rance za ta faɗi hannun wa kuɗin za su shiga, kuma cikin mako biyu mata biyu za su je su ga kayan da aka saro.

A taronku na gaba ku yi kason gyaɗar da kanku, amma ku bar wata daban ta zaɓi yadda kowane wasa ya ƙare, ta canza yadda take so. Ku maimaita sau uku, ku ƙirga ƙwaya nawa ke ragewa a faifai kowane karo. In akwai samari a gidan da kuke taro, ku kira su su riƙe faifan.