Kullewar hanji: a jira ko a yi tiyata?

Ciwon ciki mai murɗawa yana saki, ga amai da kumburi, ba bayan gida, ko tusa ba ta fita: a garzaya asibiti. Kada a ba mara lafiyar maganin sa zawo ko jiƙo, ƙara ta'azzara lamarin suke yi.

Sanadin da aka fi gani shi ne gwaiwar da ta maƙale, da mannewar hanji bayan tsohuwar tiyata, sai murɗewar babban hanji ko ƙari.

Abin da likita ke dubawa shi ne ko jini na kaiwa ga hanjin. A ce mace ce da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, cikinta da laushi, ba zazzaɓi. Sai a hana ta ci da sha, a yi mata ƙarin ruwa, a zura roba ta hanci ana zuƙe ruwan ciki, ana duba ta akai-akai. Galibi hanjin kan buɗe da kansa. In an kai kwana 3 shiru, sai tiyata.

Amma in ciwon ya daina saki, ciki ya yi tauri kamar katako, ga zazzaɓi, zuciya na bugawa da sauri, hanjin ya fara mutuwa ke nan. Nan ba jira. Haka ma gwaiwar da ta ƙi komawa, tana zafi.

Mai gwaiwa, je a gyara maka tun tana komawa.