Gyaran Malami A Kan Lissafin Amfanin Gona: Darasi Ga Mai Rubuta Kundi

Ɗalibin Hausa da ya fita binciken sana'o'in gargajiya yakan dawo da lambobi ko bai yi niyya ba, kuma a wajen sarrafa su ne aka fi yin tuntuɓe. Bari a ɗauki misalin ɗalibin da ya rubuta kundi a kan noman shinkafa a fadamar Gulbin Rima, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Lambobin misali ne kawai, an tsara su don darasi.

Ɗalibin ya zanta da manoma 12, ya tambayi kowa buhu nawa ya samu a damanar 2020. Tara suka amsa: 8, 10, 10, 12, 14, 15, 16, 20 da 120. Ya haɗa ya sami 225, ya raba gida tara, ya rubuta cewa manomin wannan yanki yakan sami buhu 25. Kundin ya dawo masa da jan biro a gefen shafi, ga kuma takarda a maƙale:

"Malam, lissafinka daidai ne, amma hukuncin da ka yanke da shi ba daidai ba ne. Duba mutanenka tara, ka nuna mini wanda ya sami buhu 25. Takwas ba su kai ba, na tara kuwa ya ninka shi kusan sau biyar. To, wa kake siffantawa? Sannan ka ce mutum 12 ka tambaya. Ina sauran ukun?"

Tambayar farko ta shafi irin matsakaicin da aka zaɓa. Na haɗawa a raba, watau wanda kowa ya koya a firamare, yana bin babbar lamba duk inda ta ja shi. Mai buhu 120 babban manomi ne mai ƙadada da yawa da 'yan ƙwadago, shi kaɗai ya ɗaga sakamakon. In aka cire shi, saura buhu 105 tsakanin mutum takwas, watau 13 da ɗan ɗori. Amma malamin bai yarda a cire shi ba, domin shi ma manomin fadama ne, ba kuskuren rubutu ba. Abin da ya nema shi ne a jera lambobin daga ƙarama zuwa babba a ɗauki ta tsakiya. A nan ta biyar ce, buhu 14: huɗu na ƙasa da ita, huɗu na sama. Ko da babban manomin buhu 500 ya samu, ba za ta motsa ba. Alamar gane matsalar kuwa ita ce a lissafa duka biyun. In sun yi nisa da juna kamar 25 da 14, to akwai wanda ya rinjayi sauran. Na haɗawa a raba yana da wurinsa, alal misali in ana son ƙiyasta jimlar shinkafar da ƙauye zai kai kasuwa.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. Mai yiwuwa ne ukun nan ruwa ne ya share gonakinsu, suka ga babu abin faɗa. Mai yiwuwa kuma akasin haka ne, don Bahaushe ba ya son bayyana abin da ke rumbunsa ga baƙo, saboda tsoron baki, ko zaton mai tambayar ɗan haraji ne. Shirun yana da dalili, kuma dalilin na haɗe da abin da ake aunawa. Na'ura ba ta san wannan ba: `AVERAGE` na Excel yakan tsallake gurbin da aka bari fayau ba tare da ya yi gargaɗi ba, amma in aka rubuta 0 sai ya ƙirga shi. Ɗalibin bai lura cewa da tara aka raba ba sai da aka nuna masa.

Malamin ya gwada masa iyakoki biyu. In ukun ba su sami komai ba, lambobi sun zama 12, tsakiyarsu na tsakanin 10 da 12, watau 11. In kuwa duk manyan manoma ne, tsakiyar na tsakanin 15 da 16, watau 15 da rabi. Saboda haka ko me suka ɓoye, ta tsakiya ba za ta fita daga 11 zuwa 15 da rabi ba, kuma 25 ba ya cikin wannan da'ira. Na haɗawa a raba kuwa zai iya sauka zuwa 18.75, sama kuma ba shi da iyaka.

A ƙarshen takardar ya umarci ɗalibin ya rubuta ƙarƙashin jadawalinsa cewa 12 aka tambaya, 9 suka amsa. Ya kuma ce ya koma wajen ukun nan tare da mai unguwarsu, kada ya sake fara musu da maganar buhu, ya fara da tambayar ko ruwa ya shiga gonarsu a shekarar.