Yadda ake gane an saki ƙwai da awon zafin jiki na asuba

Matar da ke neman haihuwa a Kanya, ko wadda al'adarta ke mata wasa da kwanaki, kafin ta kama hanyar babban asibitin Zuru akwai binciken da za ta iya yi a ɗakinta da ma'aunin zafin jiki da littafin rubutu. Tambaya ɗaya yake amsawa: a wannan watan, ƙwai ya fita ko bai fita ba? Sai dai a riƙe wannan tun daga farko, awon yana ba da labarin abin da ya riga ya faru ne, ba ya hasashen ranar da ƙwai zai fita.

Dalilin yana cikin jiki. Idan ƙwai ya fita, gurbin da ya bari yakan fara fitar da sinadarin furojestaron, wanda ke shirya mahaifa don karɓar ciki. Sinadarin nan yana ɗaga zafin jikin mace da kamar digiri 0.2 zuwa 0.5 a ma'aunin Salsiyas, kuma zafin ya zauna a sama har al'ada ta kusa. Wani likitan mata ɗan ƙasar Holan, Theodoor van de Velde, ya lura da wannan hawa da sauka tun farkon ƙarni na 20. Ƙarin ba shi da yawa, tafin hannu a goshi ba zai ji shi ba, shi ya sa ake buƙatar ma'auni mai batir, kuma an fi son mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, kamar 36.45. Idan mai nuna lamba ɗaya kaɗai aka samu a kemis, a yi aiki da shi, amma kada a sauya ma'auni a tsakiyar wata.

Ana awon ne da zarar an farka, kafin a tashi zaune, kafin magana, kafin shan ruwa ko zuwa bayi. Ma'aunin ya kwana kusa da matashin kai tare da tocila. A sa kansa a ƙarƙashin harshe can ciki, a rufe baki har ya yi ƙara. Awon hammata bai dace da wannan aiki ba. Ana so a ce an samu barci na aƙalla awa uku a jere, kuma lokacin awon ya zama ɗaya kullum. Mai tashi sallar asuba ta samu agogo a sauƙaƙe: ta auna kafin ta sauko yin alwala. Wadda sammakon gona ko na coci ke tayar da ita, ta tsayar da lokacinta ta riƙe. Da azumi kuwa a auna a farkawar sahur, a rubuta cewa lokaci ya sauya, domin awon da aka yi da wuri yakan fito ƙasa kaɗan.

A shafin littafi a jera kwanaki daga hagu zuwa dama, lambobin zafi daga ƙasa zuwa sama. Rana ta 1 ita ce ranar da jini ya zo sosai, ba ranar ɗan ɗigo ba. Kowace safiya a sa ɗigo, a haɗa shi da na jiya. A ƙasan kowace rana a bar wurin rubuta abin da ya faru: zazzaɓi, mura, raino cikin dare, kwana a waje saboda zafin bazara. A ganina wannan ɗan layin ya kai lambobin daraja a ƙasarmu, inda zazzaɓin cizon sauro da damina zai iya cilla awo sama da 38 ba tare da ƙwai ya motsa ba.

Ƙa'idar karatun ita ce uku a kan shida, wadda likitan Birtaniya John Marshall ya yi aiki da ita a shekarun 1960. Ana neman awo uku a jere da suka fi duk awo shida da suka gabace su. Mu ɗauki misalin wata mata. A rana ta 10 ta samu 36.35, ta 11 36.30, ta 12 36.40. A rana ta 13 ta tashi da ciwon kai da jin sanyi, ma'auni ya nuna 37.80, sai ta zagaye wannan lamba ta fitar da ita daga lissafi. Rana ta 14 36.35, ta 15 36.30, ta 16 36.25. Daga nan rana ta 17 ta ba da 36.55. Sai ta ƙirga awo shida masu kyau a baya, ta ga mafi girmansu 36.40 ne, ta ja layi a kansa daga hagu zuwa dama. Rana ta 18 36.60, ta 19 36.70. Uku ke nan a saman layi, kuma na ukun ya haura layin da fiye da 0.2, wanda shi ne sharaɗin da ake nema. Da bai kai ba, sai ta jira awo na huɗu. A rana ta 19 ne take da hujjar cewa ƙwai ya fita, wajajen rana ta 16, da yiwuwar kuskuren kwana ɗaya ko biyu.

A nan mata da yawa ke yin asara. Ƙwai ba ya wuce awa 12 zuwa 24 bayan fitarsa, maniyyi kuwa yana iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace. Ashe kwanakin samun ciki su ne waɗanda suka gabaci hawan zafi. Wadda ta jira sai ta ga layi ya hau, ta makara. Amfanin littafin yana fitowa ne bayan wata uku, idan ta ga zafinta yakan hau tsakanin rana ta 16 da ta 18, sai ta san kwanakin da za su fi muhimmanci a wata mai zuwa. Ta haɗa da lura da farin ruwan gaba, wanda ke zama garau mai yauƙi kamar ɗanyen farin ƙwai kafin ƙwai ya fita. A gidan da ake rabon kwana, ko inda maigida ke tafiya ci-rani, wannan sani ne da ya kamata miji da mata su zauna su tattauna a kansa.

Matar tamu ta ga al'ada bayan kwana 13 na zafi a sama, kuma hakan daidai ne, domin wannan zango yakan kasance kwana 12 zuwa 14. Idan wata bayan wata bai kai kwana 10 ba, a nuna wa likita. Idan zafi ya zauna a sama har kwana 18 babu jini, a yi gwajin ciki. Idan kuma layin ya tafi a kwance babu hawa, mai yiwuwa ƙwai bai fita ba, abin da aka saba gani ga mai shayarwa, ga mai allura ko ƙwayar tazarar haihuwa, da wadda ta kusa daina al'ada. Wata ɗaya a kwance ba hukunci ba ne, akwai matan da ke sakin ƙwai zafinsu bai nuna sosai ba. Gwajin furojestaron a jini shi ke raba gardama, kuma ana yinsa kamar kwana bakwai bayan fitar ƙwai. Ga matar misalinmu rana ta 23 ke nan, ba ta 21 da ake ba mai zagayen kwana 28 ba.

Mai son tazarar haihuwa kada ta dogara da littafin nan kaɗai sai ta koya a hannun ma'aikaciyar lafiya. Mai neman haihuwa kuma, idan shekara ta cika babu ciki, ko wata shida ga wadda ta haura shekara 35, ta ɗauki littafin zuwa asibiti, maigida ya bi ta a gwada maniyyinsa, domin littafin bai san komai game da shi ba, kuma ba ya nuna ko hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa a buɗe suke.